Lissafin Silin Mai Rataya: A Ƙirga Layuka Kafin a Tafi Kasuwa

Silin ɗin da ake gani a bankuna da asibitoci da ofisoshi, wanda aka raba gida-gida da fararen layuka a tsakani, ba da ƙusa aka kafa shi ba, ɗora shi aka yi. Kowane falle yana zaune ne a kan leɓen wani siririn ƙarfe, ƙarfen kuma yana rataye da waya daga jikin dekin ko daga katakon rufi. Shi ya sa mai gyaran wuta yake tura falle ɗaya sama da tafin hannu, ya zura kai, ya gama abin da ya kawo shi, ya mayar da fallen wurinsa. Yanzu irin wannan silin ya shiga shaguna da makarantu da ɗakunan shan magani, har da wasu gidajen zama, musamman inda ake son ɓoye wayoyin lantarki da bututun na'urar sanyaya ɗaki.

Kafa shi ba ya ɗaukar lokaci. Inda ake yawan samun tangarɗa shi ne wajen lissafin kaya. Abin da aka saba shi ne a auna tsawon ɗaki da faɗinsa, a buga wannan sau wancan, a raba da girman falle ɗaya, a ɗan ƙara wani abu a kai saboda fashewa, a rubuta a takarda. Ranar aiki, ana dab da gamawa, sai ka ji kafinta ya ce, "Alhaji, sai an ƙaro guda huɗu." A sake komawa Ƙofar Ruwa idan a Kano ne, ko Dei-Dei idan a Abuja ne, a biya kuɗin mota saboda falle huɗu. Wani lokacin ma a tarar irin wanda aka saya ya ƙare, a zo da wani mai ɗan bambancin fari, wanda ido zai riƙa kamawa duk lokacin da aka kunna fitila. Kafinta bai saci komai ba, bai kuma fasa komai ba. Lissafin ne tun farko bai dace da aikin ba, domin wannan silin ba shimfiɗa shi ake yi kamar leda ba. Layuka ne, kuma layuka ƙirga su ake yi.

Kayan da ke cikin aikin

Falle shi ne abin da ido ke gani. Wanda ya fi yawa a kasuwa shi ne mai santimita 60 ta kowane gefe, wanda ake ce wa sittin da sittin. Idan ka ɗora masa tef za ka ga bai cika ba, santimita 59.5 ne, an rage masa kaɗan don ya samu wurin shiga tsakanin ƙarafa. Amma a lissafi 60 ake ɗauka, domin daga tsakiyar wannan ƙarfe zuwa tsakiyar na kusa da shi 60 ce cif.

Ƙarafan da ke ɗauke da shi iri uku ne, kuma tsawo ne ya bambanta su. Akwai doguwar sanda mai mita 3.6, wadda 'yan kasuwa ke kira men ti. Ita ce kaɗai ake ɗaura wa waya, don haka duk nauyin silin ta kanta yake bi. Ana jera dogayen ne da tazarar santimita 120 tsakaninsu. Sai matsakaiciya mai santimita 120, wadda ke ƙetarawa daga doguwa zuwa doguwa a kowace santimita 60. Sai gajeriya mai santimita 60, wadda ke shiga tsakanin matsakaita biyu ta raba gidan biyu. Waɗannan biyun su ake kira kuros ti, kowace kuma tana da ɗan harshe a bakinta guda biyu wanda ke shiga ramin da aka huda a jikin 'yar'uwarta ya kulle. A riƙe maganar harshen nan, za ta yi amfani a gaba. Sannan akwai angul, ƙarfe mai lanƙwasa da ake bugawa a jikin bango kewaye da ɗaki, wanda yawanci mita 3 ne tsawonsa. Sai wayar rataya.

Ɗakin da za mu auna

Mu ɗauki ɗakin jira na wani ƙaramin asibiti, mai tsawon mita 6.5 da faɗin mita 4.4, a ƙarƙashin dekin. Awon da za a yi aiki da shi sai wanda aka ɗauka bayan an gama filasta, kuma a daidai tsayin da silin zai zauna, ba a ƙasa wajen daɓe ba. Bangon bulo yakan ɗan karkata yayin da yake hawa, filasta kuma tana cin santimita biyu ko uku daga kowane awo. A auna faɗin a wannan ƙarshen ɗaki, a auna a wancan, haka ma tsawon. Idan sun saɓa, a yi lissafi da mafi girman. Daga nan a ja tef daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, a sake ja ta ɗaya ɓangaren. In awon biyu suka zo ɗaya, ɗakin ya daidaita. In ba su zo ɗaya ba, a sani tun yanzu cewa fallayen bakin bango ba za su zama girma ɗaya ba, kowanne sai an auna shi kafin a yanka.

Da lissafin da aka saba, 6.5 sau 4.4 ya ba da murabba'in mita 28.6. Falle ɗaya yana rufe 0.36. Idan aka raba, 79 ne da 'yan kai, wato 80. A ƙara kashi biyar cikin ɗari, ya zama 84. Wannan ne adadin da zai hau takardar mafi yawan mutane.

Yanzu a samo takarda da fensir, a zana ɗakin, a fara da tsawo. Santimita 650 tana ɗaukar cikakkun fallaye 10, ragowa 50. Wannan ragowar ba a tura ta gefe ɗaya, domin duk wanda ya shigo zai ga silin ɗin ya zame. Raba ta ake yi biyu, 25 a nan, 25 a can. To amma akwai ƙa'idar da masu aikin nan ke bi, kuma ina tare da su a kanta: kada fallen bakin bango ya gaza rabin cikakke, wato santimita 30. Siririn yanki yana tona asirin duk wata karkata da ke jikin bango. Idan bango ya kauce da santimita 3 daga wannan ƙarshe zuwa wancan, a jikin yanki mai faɗin 55 ba mai lura, amma a jikin mai faɗin 10 kowa zai gani. Ga shi kuma ba shi da nauyin zama, iska kaɗan ke ɗaga shi. Saboda haka sai a cire cikakken falle ɗaya a haɗa shi da ragowar. Cikakku sun koma 9, sun ci 540, saura 110, kowane gefe ya samu 55. A tsawon ɗakin ke nan akwai gida 11: cikakku 9 da yankakku 2.

Faɗin ma haka. Santimita 440 tana ɗaukar 7, ragowa 20, wato goma-goma a kowane gefe, wanda ya yi siriri ƙwarai. A cire ɗaya, cikakku su koma 6, su ci 360, saura 80, arba'in-arba'in. Gida 8 ke nan a faɗi.

Gida 11 sau 8 ya ba da 88. Cikakku 54 ne kawai, sauran 34 duk sai an sa musu wuƙa. Abin tambaya a nan shi ne ko falle ɗaya zai iya ba da yanki biyu. Ba zai iya ba. Idan ka cire 55 daga 60, abin da ya rage tarkace ne. Idan ka cire 40, ragowar 20 ba ta da gida a wannan ɗakin. Kowane gida, cikakke ko yankakke, sai ya ci falle guda. Ashe 88 ake buƙata ko da ba a fasa ko ɗaya ba, mai 84 kuwa ya gaza da huɗu tun bai bar kasuwa ba. Nan ne falle huɗun kafinta suka ɓoye.

Wani zai ce to a bar yankin 25 ɗin mana a tsawo, tunda falle ɗaya zai ba da biyu, a yi tsimi. A gwada a gani: cikakku 10, da falle ɗaya da aka raba wa gefe biyu, 11 ne dai a kowane jeri. Ba a rage ko falle ɗaya ba, sai ma ƙarin layin ƙarfe guda da aka jawo, ga aikin bai yi kyan gani ba.

Ko da haka a sayi rara. Fallen jifsom yana gutsurewa a kusurwa wajen sauke kaya, mai laushin nan na zare kuma yana ɗaukar dattin hannu. Huɗu ko biyar sun isa ɗaki irin wannan. Idan za a sa fitilun nan masu faɗi da ke cike gida guda, ga sauƙi ya zo: fitila huɗu sun karɓe gida huɗu, sai a sayi 88 ɗin, huɗun da suka rage su zama rara. Yawan fallaye a kwali ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka a tambayi nawa ne a ciki, a kuma ƙirga, kada a ce kwali kaza da ka.

Ƙirga ƙarafa

Zanen da aka yi don fallaye shi ne zai ba da adadin ƙarafa, ba sai an sake wani ba. Tunda gida 8 ne a faɗi, akwai layi 7 da ke bin tsawon ɗakin. Idan aka auna daga bango ɗaya, suna kan santimita 40, 100, 160, 220, 280, 340 da 400. Ba dukansu ne dogayen sanduna ba, ana ɗaukar ɗaya a tsallake ɗaya. Hanya biyu ce ke nan. Ko dogayen su zauna a 40, 160, 280 da 400, layi huɗu, ko su zauna a 100, 220 da 340, layi uku.

Layi uku ya fi araha, shi ya sa yake jan hankali. Amma a dubi abin da zai faru a bakin bango. Daga doguwa ta farko zuwa bango mita ɗaya ce cur, ba waya ko ɗaya a wurin, nauyin jeri biyu na fallaye ya koma kan yankakkun sanduna da suka ɗora kai a leɓen angul. Shi kuwa angul ba don ɗaukar kaya aka yi shi ba, aikinsa ya rufe baki ya riƙe gefen falle. Masu ƙera waɗannan ƙarafa suna son kada doguwa ta ƙarshe ta wuce santimita 60 daga bango, in kuma ta wuce, a sa wa sandunan da ke wurin tasu wayar. Ni dai layi huɗu zan zaɓa. Kuɗin dogaye biyu da aka ƙara bai kai ɓacin ran silin da ya sunkuya a gefe ba.

Kowane layi mita 6.5 ne, sanda kuma 3.6, don haka biyu-biyu ne, dogaye 8 ke nan. Biyu sun ba da mita 7.2, akwai rarar santimita 70 a kowane layi, kuma rarar nan tana da aiki. Na farko, ba a ɗora doguwa a bango yadda ta zo daga kasuwa. Sai an yanke bakinta yadda ɗaya daga cikin ramukan jikinta zai faɗo daidai kan santimita 55 daga bango, inda layin farko na matsakaita zai wuce. Wanda ya manta da wannan, duk tsarin da ya zana a takarda ya rushe, zai ga gefe ɗaya ya fi ɗaya. Na biyu, ba a son mahaɗin sanduna ya jeru a wuri ɗaya a duk layuka huɗun, domin mahaɗi ne wurin rauni. Sai a cire mafi yawan rarar daga wannan ƙarshen a layin farko, a cire ta daga wancan ƙarshen a layi na biyu, a yi ta saɓawa.

Me ya sa dogayen suka bi tsawon ɗaki, ba su bi faɗi ba? A ƙarƙashin dekin ko ta ina suka bi waya za ta samu wurin kamawa, sai a zaɓi wanda ya fi dacewa da zane. A ɗakinmu, in da sun bi faɗi, layuka 10 ne za a zaɓa daga ciki, kuma duk yadda aka tsallaka sai gefe ɗaya ya tsaya a 55, ɗayan ya tsaya a 115. A ƙarƙashin rufin kwano kuwa ba zane ne ke yanke hukunci ba, katako ne. Dole dogayen su ƙetare katakan rufi, domin kowace ta samu inda za a ɗaura mata waya a kai a kai. In ta bi tsakanin katako biyu, sai waya ta zo a karkace, waya mai karkata kuma jan ƙarfe take yi gefe.

Matsakaita ba su da wuya. Tsakanin dogaye huɗu akwai fili uku. Gida 11 a tsawo yana nufin layi 10 masu ƙetarawa. Uku sau goma, matsakaita 30.

Gajeru suna shiga wuri biyu. Suna cike layukan nan uku da aka tsallake, na 100 da 220 da 340, kowane layi gida 11, ya zama 33, shida daga ciki za a ɗan rage musu tsawo zuwa 55. Sannan akwai tazarar 40 da ke tsakanin doguwa ta gefe da bango, layi 10 a dama, 10 a hagu, guntaye 20. Wannan ashirin ɗin ita ce aka fi mantawa da ita. Idan daga gajeru za a yanko su, kowace gajeriya guntu ɗaya za ta bayar, jimillar gajeru ta zama 53.

Ga inda harshen nan ya shigo. Guntun bakin bango harshe ɗaya yake buƙata, wanda zai kulle a jikin doguwa, ɗaya bakin kuwa ɗora shi kawai ake yi a kan angul. Matsakaiciya tana da harshe biyu da tsawon 120, don haka za ta ba da guntu biyu masu 40, ɗaya daga kowane baki. Tsakiyarta da ta rage ba ta da harshe, ba ta da amfani. Matsakaita 10 ke nan sun maye gurbin gajeru 20. Zaɓi ya zama biyu: ko matsakaita 30 da gajeru 53, ko matsakaita 40 da gajeru 33. A tambayi farashi, in kuɗin matsakaiciya ɗaya bai kai na gajeru biyu ba, a ɗauki na biyun. Abin da ba a so shi ne mai saye ya yi lissafi da ɗaya, mai aiki ya yi yanka da ɗayan.

Angul kuwa kewayen ɗaki ne: 6.5 da 4.4 sun ba da 10.9, sau biyu 21.8. A raba da mita 3, bakwai ne da ɗoriya, wato 8. Ana kafa shi da ƙusar kankare ko sukuru a kowace santimita 40 ko kusa da haka, kimanin guda 55, a sayi 60 saboda masu lanƙwashewa.

Wayar da ba a gani

Wannan ne ɓangaren da na fi damuwa da shi, domin shi ne wanda mai gida ba ya gani bayan an rufe, shi ne kuma wanda ake ragewa idan kuɗi ya yi kaɗan. Fallen jifsom mai rufin leda yana kai kusan kilo biyu. Silin ɗin ɗakin nan, da fallaye da ƙarafa, ya fi nauyin buhun siminti uku, kuma a saman kawunan mutane zai kwana shekara da shekaru.

Ƙa'idar ita ce kada tazarar waya da waya a jikin doguwa ta wuce santimita 120, ta farko da ta ƙarshe kuma kada su wuce 45 daga bango. A cire 45 daga kowane ƙarshen 650, saura 560. A raba da 120, huɗu ne da ɗoriya, wato tazara biyar. Tazara biyar kuwa waya shida take buƙata, domin sai an ƙirga ta farko. Nan ma ana yawan yin kuskure, a ƙirga tazara a ɗauka waya aka ƙirga. Shida sau layi huɗu, 24. Sai a ƙara ɗaya a kusa da kowane mahaɗi, kada ta wuce santimita 15 daga gare shi, ya zama 28. Jadawalin da ake lissafi da murabba'in mita yana ba da waya 0.7 ga kowane ɗaya, wanda a ɗakinmu 20 ne. Ba ƙarya jadawalin ya yi ba, don babban zaure aka yi shi, inda bakin bango ɗan kaɗan ne idan aka kwatanta da tsakiya. A ƙaramin ɗaki bakin bango ne ke cin kaya, shi ya sa lissafin ke gazawa.

Fitilu a ba su nasu wayoyin, biyu-biyu a kusurwoyi masu fuskantar juna, guda 8 ga fitila huɗu, jimilla 36. Fanka kuwa ba ruwanta da waɗannan ƙarafa ko kaɗan. Daga dekin ko daga katako mai ƙarfi za a sauko mata da nata ƙarfen, a huda falle ya wuce ta ciki.

Tsawon kowace waya ya dogara da nisan da silin zai sauko. Ba daga dekin ake fara wannan awon ba, daga abin da ya fi kowanne saukowa ake farawa, ko bim ne ko bututu. A bar aƙalla santimita 10 a ƙarƙashinsa, domin falle a karkace ake shigar da shi ta cikin gidansa, a ɗaga shi sama da ƙarfe, sannan a kwantar. In ba fili, sai a fasa shi wajen sawa. A ce bim ɗin ɗakinmu ya sauko da santimita 30, silin zai zauna a 40 daga dekin. Kowace waya a ƙara mata 30 don ɗauri sama da ƙasa, ta zama 70. Sau 36, mita 25 da 'yan kai, a sayi 30.

Wayar ta zama farar waya mai kauri da ba ta tsatsa, wadda ba ta gaza milimita biyu ba. Baƙar wayar ɗaure rodi ba ta wannan aiki, siririya ce, tana miƙewa, tana kuma tsatsa. A miƙar da waya kafin a ɗaura, domin mai lanƙwasa za ta ci gaba da warwarewa a hankali bayan an ɗora mata nauyi, silin ya riƙa sauka ba wanda ya taɓa shi. Wajen ɗauri a murɗa ta a jikin kanta sau uku, a matse. A jikin dekin a huda da injin a sa abin kamawa na ƙarfe mai buɗewa a ciki. A jikin katako a zagaya wayar ta saman katakon, ko a ɗaura a jikin sukurun da aka sa ta gefe. Ƙusar da aka buga daga ƙasa tana kallon sama, nauyi yana jan ta ne ta hanyar da ta shiga, kuma idan katako ya bushe da zafin bazara sai ta saki.

Takardar kasuwa ta wannan ɗaki ta kammala ke nan: falle 88, dogaye 8, matsakaita 40, gajeru 33, angul 8, waya mita 30 da abin kamawa 36, ƙusa 60. A ƙara matsakaita biyu da gajeru biyu saboda harshen da zai lanƙwashe. Ɗaki mai lungu ko mai ginshiƙi a tsakiya, hanyar ba ta canzawa: a shimfiɗa layukan a babban ɓangaren, a bar su su zarce cikin lungun, a ƙirga. Silin na manyan allunan jifsom da ake ɗaurewa da sukuru a shafe mahaɗinsu kuwa, wannan tsari ne daban da nasa lissafin, kada a haɗa.

Akwai tarko ɗaya da ya rage a kasuwa. Mun saba cewa ƙafa biyu da santimita sittin abu ɗaya ne, alhali ƙafa biyu ta kusa santimita 61. Ana ƙera ƙarafa da fallaye a kan ma'aunin biyu, kuma ba sa shiga juna. Fallen ma'aunin ƙafa ya fi ƙarfin gidan ma'aunin mita, zai hau kan ƙarfe ya ƙi zama. Fallen ma'aunin mita a gidan ma'aunin ƙafa kuma zai yi sako-sako, in ya gusa gefe ɗaya sai baƙin rami ya bayyana a ɗaya gefen. A tafi da tef. Matsakaiciyar da ta nuna 120 ta mita ce, wadda ta kusa 122 ta ƙafa ce. A kuma sayi ƙarafan duka daga kamfani ɗaya, domin harshen wani ba lalle ne ya kulle a ramin wani ba.

Mai gida yana iya duba aikin da kansa, kuma lokacin dubawa shi ne bayan an gama ƙarafa, kafin a sa falle ko ɗaya. A tabbata layin angul da tiyon ruwa ko na'urar lebur aka fitar da shi, ba da tef daga daɓe ba, domin daɓe yana da gangara. A ja zare daga angul zuwa angul a ƙarƙashin dogayen, kowace ta taɓa zaren ba tare da ta danne shi ba. A taɓa wayoyin ɗaya bayan ɗaya, wadda ta yi laushi ba ta ɗauke da komai, maƙwabtanta ne ke ɗaukar rabonta. A zaɓi gida ɗaya a tsakiya a auna shi kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangare biyu. In awon ya saɓa, ƙarafan sun murɗe, fallaye za su riƙa hawa kan gefe suna rawa.

Bayan an rufe ma silin yana nuna ciwonsa. Idan layi ya yi ciki a tsakiya kamar igiyar ruwa, waya ce ta yi kaɗan ko ta saki. Idan ƙarafa suna nan daidai amma fallayen ne suka lotsa, danshi suka sha, galibi don an sa su filasta ba ta bushe ba ko ba a riga an sa tagogi ba. Tabo mai ruwan ƙasa yoyo ne daga kwano ko daga bututun na'urar sanyaya ɗaki, kuma canza falle ba ya maganinsa sai an toshe yoyon. Fallayen da ke tsalle idan aka buɗe ƙofa, ko lokacin iskar farkon damina, sun fi yawa a kusa da ƙofar shiga da kuma ɗakunan da iska ke kutsawa ta ƙarƙashin kwano. Akwai 'yan maƙalai na ƙarfe ko roba da ake danne falle da su ta sama. A ɗakin jira irin namu, wanda ƙofarsa ba ta hutawa, a sa su a jeri biyu na farko daga bakin ƙofa, a kuma rubuta su a takardar kasuwa tun farko.